Ina Naira Saba'in da Shida Ta Tafi? Yadda Ake Karanta Takardar Banki

Mutane da yawa kan ɗauki hoton takardar bayanin asusunsu su tura wa ɗa ko ƙane, suna ƙorafin banki na yankar musu kuɗi. Kafin a fassara komai, a tabbata hoton ya kamo kanun layukan da ke saman takardar. Idan sun yanke, ba a bambance shigar kuɗi da fitarsu. CR na nufin kuɗi sun shigo, DR sun fita, BAL kuma abin da ya rage bayan kowace hulɗa.

Mu ɗauki takardar wata mai sayar da atamfa ta shekarar 2025. Tana da naira 80,000, aka turo mata 30,000, ita ma ta tura wa dillalinta 20,000 a wani banki. A lissafinta saura 90,000, amma takarda ta nuna 89,923.12.

Mai yi mata bayani sai ya bi layi-layi. Ƙarƙashin kuɗin da suka shigo akwai EMTL, naira 50. Zai ce mata: "Inna, wannan harajin gwamnatin tarayya ne, banki karɓar mata kawai yake yi." A shekarar ana cire shi ne daga asusun da aka turo wa naira 10,000 ko fiye.

Sai layin da ke ɗauke da NIP, wato tura kuɗi nan take zuwa wani banki. Jadawalin Babban Bankin Najeriya na 2020 ya kasa ladan gida uku: naira 10 zuwa dubu biyar, naira 25 daga nan zuwa dubu hamsin, naira 50 ga abin da ya haura haka. Nata ya faɗa a tsakiya, 25 ke nan. VAT da ke biye kashi 7.5 cikin ɗari ne na wannan ladan kaɗai, ba na dubu ashirin ɗin ba, shi ya sa ya tsaya a 1.88. A haɗa 50 da 25 da 1.88, an sami 76.88, daidai giɓin da take nema.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne idan an tura kuɗi ba su isa ba. A nemi layi mai REV ko RVSL, alamar an mayar da su. Idan akwai DR, babu REV, wanda aka tura wa kuma bai ga komai ba, a rubuta ranar, adadin da lambar REF, a kai ƙorafi banki a rubuce. In banki bai warware ba, sai a kai maganar sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

A rufe lambar asusu da adireshi kafin a tura hoton. Mai fassara na gaskiya kuma ba ya bukatar PIN ko OTP don ya karanta takarda. Duk wanda ya tambaye su, kuɗin yake nema.