Daidaiton Ruwa da Gishirin Jiki: Jagora ga Ɗaliban Jinya na Shekarar Farko

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, na jariri kuwa yakan kai kashi 75. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana ɗauke da ruwa kimanin lita 42. Lita 28 na cikin ƙwayoyin halitta, lita 14 na wajensu, kuma daga na wajen kusan lita 3 kacal ke yawo a jini. Shi ya sa asarar lita ɗaya ko biyu ta gudawa take saurin taɓa bugun zuciya da ƙarfin jini.

A cikin ruwan akwai narkakkun sinadaran gishiri masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira ilektirolait. Biyu ne ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa. Sodiyam ya fi yawa a wajen ƙwayoyin halitta, ma'auninsa a jini 135 zuwa 145 mmol/L, kuma duk inda ya nufa ruwa na biye da shi. Idan ya yi ƙasa sosai, ruwa ya kutsa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, sai ciwon kai, ruɗewa, har jijjiga. Fotasiyam kuma a cikin ƙwayoyin yake zaune, abin da ake samu a jini 3.5 zuwa 5.0 mmol/L ne kawai. Ƙarancinsa na kawo kasalar tsoka da kumburin ciki, yawansa na iya tsayar da zuciya. Saboda haka ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya da sirinji, sai an sirka shi a ruwan ƙari an bar shi yana ɗiga a hankali.

Lafiyayyen baligi kan samu ruwa kimanin lita 2.5 a rana ta sha da ci, kuma kusan haka yake fitarwa: lita 1.5 fitsari, sauran ta fata, numfashi da bayan gida. Ƙoda ce mai riƙe da ma'aunin. Idan ruwa ya ragu, ƙishirwa ta taso, sinadarin ADH ya sa ƙoda ta riƙe ruwa, aldosteron kuma ya sa ta riƙe sodiyam ta saki fotasiyam. Fitsari ya ragu ya yi ja. A gefen gado wannan ne ake sa wa ido: fitsarin baligi kada ya gaza mililita 0.5 kan kowane kilo a awa, wato mililita 35 ga mai kilo 70. Ana rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, har amai da gudawa, ana kuma auna nauyi kullum, domin raguwar kilo 1 cikin kwana ɗaya daidai take da asarar lita 1.

A ɗauki yaro ɗan shekara 2 mai kilo 10 da aka kawo da gudawa. Idanunsa sun faɗa, yana ta rigima, yana wawurar kofi idan an miƙa masa, kuma fatar cikinsa na jinkirin komawa bayan an tsunkule ta. Wannan matsakaicin bushewa ne. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, za a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, mililita 75 kan kowane kilo cikin awa 4, wato mililita 750, da cokali ko kurɓi-kurɓi. Sukarin ciki shi ke taimaka wa hanji ya tsotse sodiyam, ruwa ya biyo baya. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Ba a hana shi nono, kuma ana ƙara masa zinki kullum na kwana 10 zuwa 14. Bayan awa 4 a sake duba shi.

Idan kuwa yaron ya galabaita, ya kasa sha, fatar ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, bushewar ta tsananta, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Ana ba da ruwan Ringa mililita 100 kan kowane kilo, wato 1000: mililita 300 cikin minti 30 na farko, sauran 700 cikin awa biyu da rabi. Wannan lissafi bai shafi yaro mai tsananin tamowa ba, domin zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa cikin sauri, nasa tsarin daban ne.

Ruwa kan yi yawa kamar yadda yake ƙaranci, musamman ga jarirai, tsofaffi da masu ciwon zuciya ko ƙoda. Alamunsa su ne kumburin fatar ido da ƙafafu, ƙaruwar nauyi farat ɗaya, tari da saurin numfashi. Da zarar an ga haka, a rage gudun ruwan, a ɗaga kan majinyacin, a sanar da likita nan take.