Waƙafi ɗaya, tirela ɗari huɗu: abin da mai gyaran fassarar na'ura ke fara dubawa

Tsakanin Maraɗi da Katsina Hausa ce ke ciniki, amma da zarar magana ta hau takarda sai ta rabu gida biyu: wannan ɓangare Faransanci, wancan Ingilishi. Yarjejeniyar saye da sayarwa, takardun kwastan, sakamakon jarrabawar ɗalibi, duk sai an fassara. A yau yawancin mutane ba sa jiran tafinta. Ana zuba rubutun a Google Translate ko DeepL, kafin ƙiftawar ido Ingilishi ya fito. Aikin da ya rage wa ɗan Adam shi ne bin sawun na'urar yana gyara, kuma aikin ya zama sana'a mai zaman kanta, har hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar masa da ma'auni a 2017, mai suna ISO 18587.

A da, fassarar na'ura ba ta ɓuya, kwan-gaba kwan-baya take yi, kowa ya karanta ya san da gyara. Tun wajen 2016 da aka sauya fasahar, Ingilishin da ke fitowa ya yi sumul, kuma a nan haɗarin yake. Jimla takan fito tsaf, nahawunta babu aibi, alhali abin da take faɗa ba shi ne a Faransancin ba. Shi ya sa gogaggen mai gyara ba ya fara da tambayar ko Ingilishin ya yi daɗi. Yakan ajiye rubutun biyu kafaɗa da kafaɗa, ya fara da wuraren da kuskure ke cin kuɗi.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa a Maraɗi zai kai wa wani kamfani a Kano wake, takardarsa kuma ta ce:

Le fournisseur ne livrera que 12,500 tonnes de niébé dans un délai de quinze jours. Le solde sera éventuellement livré en mars.

Lambobi ne farkon abin dubawa, tun kafin a karanta kalma ko ɗaya. A Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, inda Ingilishi ke sa ɗigo. Saboda haka 12,500 a nan tan goma sha biyu ne da rabi, wato buhu 125 mai kilo 100. Na'ura sau da yawa takan kwafo lambar yadda ta same ta, sai mai karatu a Kano ya ga tan dubu goma sha biyu da ɗari biyar. In kowace tirela na ɗaukar tan 30, wannan ya haura tirela 400, alhali abin da mutumin ke nufi bai cika rabin tirela ɗaya ba. Gyaran bai wuce a rubuta 12.5 ba, amma sai wanda ya san da tarkon zai tsaya. Hanyar ganewa ita ce a duba sauran lambobin takardar: in Bafaranshe na nufin dubbai, fili yake bari, ya rubuta 12 500. In kuma da farashi, a yi lissafi a ga wanne adadi ne ya yi daidai da jimillar kuɗin. Haka nan milliard shi ne biliyan ɗinmu, kalmar billion kuwa a Faransanci tiriliyan take nufi, ninki dubu ke nan.

Daga lamba sai ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana. Ne da que in sun haɗu, kamar a jimlar farko, ba korewa suke yi ba, "kawai" suke nufi: tan kaza kaɗai zai kawo. Na'ura takan gane wannan a gajeren zance. A doguwar jimla irin ta lauyoyi ne takan yi tuntuɓe, ko dai ta mayar da shi "ba zai kawo ba", ko ta haɗiye only ɗin gaba ɗaya. Haɗiyewar ta fi muni a ganina, domin babu gurbin da take bari. Wanda ke karanta Ingilishin kaɗai ba zai taɓa sanin an yar da wani abu ba. Maganinta ɗaya ne, kuma mai cin rai: a bi Faransancin gaɓa-gaɓa da yatsa, kowace gaɓa a nemo ƙanwarta a ɗaya ɓangaren.

Sai kalmomin da masu sana'ar ke kira abokan ƙarya, waɗanda suka yi kama a harsunan biyu amma kowace da inda ta dosa. Jimlarmu na ɗauke da biyu. Délai wa'adi ne, lokacin da aka ɗiba don a cika alkawari. Delay kuwa jinkiri ne, saɓa lokaci. Abin da ya dace shi ne within, a cikin wa'adin. Éventuellement na nufin "mai yiwuwa, in hali ya yi", amma eventually na nufin "daga ƙarshe dai za a yi". Da wannan kalma ɗaya, ɗan kasuwar da ya ce wataƙila ya ƙaro sauran kayan a watan Maris ya wayi gari ya ɗauki alkawari. 'Yan uwansu na da yawa, irin su actuellement mai nufin "a halin yanzu", da demander wanda roƙo ne ko tambaya, ba neman dole ba. Gaskiya na'urorin yanzu sun fi na da kauce wa waɗannan, amma kaucewa sau tara ba ta hana faɗawa a na goma.

Quinze jours kuma sai an yi hattara. A bakin Bafaranshe mako biyu yake nufi, kamar yadda huit jours ke nufin mako guda. To amma a yarjejeniya kwana ɗaya na iya zama shari'a, don haka mai gyara ba ya yanke hukunci da kansa. Yakan bar shi kwana 15 yadda aka rubuta, ya aika wa mai takardar tambaya.

Akwai wani tarko da Bahaushe zai yi saurin fahimta. Mu mukan bambanta "wakilinsa" da "wakilinta". A Faransanci son da sa suna bin jinsin abin da aka mallaka ne, ba na mai shi ba, don haka son représentant na iya zama na namiji ko na mace. Na'ura sai ta yi caca, kuma galibi his take zaɓa. Shugabar kamfani da aka ambata a sakin layi na farko sai ta koma namiji a na uku.

Ga masu fassara labarai kuwa, babban abin tsoro shi ne "wai" ta Faransanci. 'Yan jarida kan yi amfani da sigar sharaɗi don nuna cewa labari bai tabbata ba. L'accident aurait fait dix morts na nufin wai haɗarin ya kashe mutum goma. Na'ura kan rubuta would have killed, wato da ya kashe amma bai kashe ba, ko ta share shakkar ta ce killed kai tsaye. Kalmar da ake nema ita ce reportedly. Edita da ya bar wannan ya wuce, ya buga jita-jita a matsayin tabbas da sunan gidan jaridarsa.

Taƙaitattun sunaye ba sa ɗaukar lokaci: CEDEAO ta koma ECOWAS, OMS ta koma WHO, TVA ta koma VAT, a kuma tabbatar kalma ɗaya ba ta sauya fassara daga shafi zuwa shafi ba. Sai bayan duk wannan ake rufe Faransancin, a karanta Ingilishin shi kaɗai, a datse dogayen jimloli. In takardar ta amfanin cikin ofis ce, ana iya tsallake wannan kwalliyar, abin da ma'aunin ke kira gyara mai sauƙi. Wadda za a sa wa hannu ko a buga kuwa cikakken gyara take bukata, kuma tun wajen ciniki ya kamata mai gyara ya tambayi wanne ake so, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne.