Yadda Shu'aibu ke komawa Chouaibou a Briqueterie

A unguwarmu ta Briqueterie da ke Yawunde, yaro kan tashi da suna biyu: wanda liman ya raɗa masa ranar suna, da wanda ma'aikacin ofishin magajin gari ya rubuta a takardar haihuwa. Na biyun ne zai bi shi makaranta, katin ɗan ƙasa da fasfo.

Na daɗe ina lura da yadda sauyin ke faruwa, kuma galibi ba da gangan ake yi ba. Ma'aikacin da ƙa'idar Faransanci yake rubutu. A wurinsa "u" tamu "ou" ce, "sh" kuma "ch", "j" ta koma "dj". Harafin "s" guda tsakanin wasula biyu "z" ake karanta shi, shi ya sa ake ninka shi. Haka Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko daga 1960 zuwa 1982, ya zama Ahmadou Ahidjo, Isa Hayatu na hukumar ƙwallon Afirka ya zama Issa Hayatou.

A ɗauki yaro Shu'aibu ɗan Malam Musa. A takarda zai fito Moussa Chouaibou, domin fom ɗin yana da gurbin sunan iyali, abin da Bahaushe bai gada ba, sai a cusa sunan uba a can, a sa shi gaba. A aji malami ya riƙa kiransa Moussa, wato sunan mahaifinsa, har ya bi shi.

Akwai riba a nan. Chouaibou, duk da baƙuwar sura, shi ne rubutun da zai sa malami ɗan kudu ya furta sunan daidai, kuma takardun yaron su tafi bai ɗaya. Asarar tana wurin sautin da Faransanci ba shi da shi. Ƙugiyar ɗ takan faɗi, Ɗanjuma ya koma Dandjouma. Ba sa furta "h", don haka Halima ta zama Alima a bakin 'yan ajinsu. Gajartawa ta fi ciwo: idan Abdurrahman ya koma Abdou, "bawa" kaɗai ya rage, sunan Ubangijin ya tafi.

Rigimar takan taso ne idan yaron ya je karatu Kano ko Zariya. Can za a rubuta Shu'aibu Musa, ga takardun Kamaru na cewa Moussa Chouaibou, sai a ga kamar mutum biyu ne. Gyaran takardar haihuwa kuwa sai an bi ta kotu, ga kashe kuɗi ga zirga-zirga.

Shi ya sa nake ce wa makwabta: ku rubuta sunan da hannunku kafin ku je ofis, cikakke ba gutsure ba, ku kuma karanta takardar harafi-harafi kafin ku bar wurin. Rubutun da ya fito a ranar, shi za a kwafa a kowace takarda ta gaba.