Hotunan haja ɗari biyu, umarni ɗaya

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke son saka kala ɗari biyu a shagonsa na intanet, wahalarsa ba ta ɗaukar hoto ba ce. Wayarsa tana ba kowane hoto suna irin IMG_20240312_101455.jpg, wanda ba ya nuna ko wace atamfa ce. Ga kuma girma: kyamara mai megapiksel 12 tana fitar da hoto mai piksel kusan 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, nauyinsa ya kan kai megabayit uku ko huɗu. Ɗora irinsu ɗari biyu sai ya cinye data, mai saye kuma ya gaji da jiran shafi ya buɗe.

Maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta wa kwamfuta gajeren umarni, ita ta yi aikin. Manhajar ImageMagick kyauta ce, kuma wannan umarnin yana aiki a Linux da Mac, ko a Git Bash ga mai Windows. A cikin foldar hotunan ake buga shi:

```
mkdir -p sabbi
n=1
for f in *.jpg; do
  magick "$f" -auto-orient -resize "1200x1200>" -strip -quality 85 "sabbi/$(printf 'atamfa-%03d.jpg' $n)"
  n=$((n+1))
done
```

Hotunan da aka gyara suna faɗawa cikin foldar sabbi da sunaye atamfa-001.jpg, atamfa-002.jpg har ƙarshe, na asali kuwa ba a taɓa su ba. Sifilan nan na gaba su ne ke hana lamba 10 tsallake lamba 2 a jeri. Alamar > kuma tana nufin a rage babban hoto kaɗai, kada a ja ƙarami har ya dusashe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsarin -auto-orient da -strip. Sau da yawa waya tana ajiye hoto a kwance, sai ta liƙa masa ɓoyayyen bayani cewa a nuna shi a tsaye. Aikin -strip share irin waɗannan bayanai ne, har da wurin da aka ɗauki hoton, abin da ba kowa ke son baƙo ya sani ba. To, in aka share kafin a miƙar da hoton, sai a ga atamfofi sun fito a karkace. Shi ya sa -auto-orient ke zuwa da farko.

Ga mai harkar yadi akwai ƙarin abin lura: -strip yana tafiya har da bayanin launi, don haka jan da ke ɗaukar ido a waya yana iya fitowa a koɗe. A ganina wannan ya fi komai haɗari, domin launi mai saye yake biya wa kuɗi. A fara gwadawa da hotuna biyar, a ajiye su kusa da na asali a duba. In launin ya sauya, a cire -strip daga umarnin, a kuma kashe nuna wuri a kyamarar waya kafin a ɗauki hotunan haja.