Digirin Digirgir ko Aikin Masana'anta: Wa Zai Zaɓa Maka Tambaya?

Duk wanda ya gama digiri na biyu a fannin kimiyya kuma ya yi fice, shawara iri biyu yakan samu. Malaminsa zai ce ya tsaya ya yi digirin digirgir ya zama malamin jami'a. Abokan karatunsa kuma su ce ya nemi kamfani tun da sauran ƙuruciya. Yawanci a kan albashi ake tafka muhawarar, amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi raba hanyoyin biyu shi ne wanda zai zaɓi tambayar da za ka bincika, da wanda zai mallaki amsar idan ka samo ta.

Mu ɗauki misalin wata matashiya da ta karanci kimiyyar abinci, hankalinta kuma yana kan gubar afalatoksin. Wannan guba wata fumfuna ce ke haifar da ita a jikin gyaɗa da masara, musamman idan fari ya matsa wa shuka ko aka adana amfanin bai bushe ba, kuma tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan a gyaɗar da za a ci kai tsaye, shi ya sa ake dawo da kaya da yawa daga bakin iyakarta.

Idan matashiyar ta shiga digirin digirgir, ita da malamin da ke duba aikinta za su tsayar da tambaya guda, siririya. Misali, waɗanne ire-iren wannan fumfuna ne ke gonakin Kano da Jigawa, kuma waɗanne ne daga ciki ba sa fitar da guba? Za ta ɗibi ƙasa da gyaɗa daga gonaki, ta raini fumfunar a ɗakin gwaje-gwaje, ta maimaita a damina biyu ko uku don kada a ce sa'ar shekara ɗaya ce. A takarda shekara uku ake cewa, amma sau da yawa abin yakan zarce. Na'ura ta lalace, sinadari ya ƙare ta saya da kuɗinta, malami ya tafi hutun bincike. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abin da za ta fita da shi a ƙarshe shi ne kundi da maƙalu masu ɗauke da sunanta, waɗanda kowa a duniya zai iya karantawa ya ɗora a kai.

Idan kuwa ta shiga masana'antar sarrafa gyaɗa, tambayar tana jiranta tun ranar da ta kama aiki, kuma ba ita ta zaɓe ta ba. Mota ta kawo buhuna, a karɓa ko a mayar? Za ta ɗibi samfuri daga buhuna daban-daban, saboda gubar kan taru a 'yan ƙwayoyi kaɗan cikin dubbai, ta niƙa, ta gwada, ta ba da amsa kafin direba ya gaji da jira. In ta gano wata dabarar busarwa ko tankaɗe da ke rage gubar, cikin 'yan watanni za a fara aiki da ita, ta ga amfaninta da idonta. Sai dai dabarar ta kamfani ce. Galibi takardar ɗaukar aiki ta riga ta faɗi haka, kuma ba za a bar ta ta wallafa ba, domin abin da aka bayyana wa duniya kafin neman rajistar ƙirƙira yakan rasa damar rajistar. Ranar da kamfani ya ga aikin ba ya kawo riba, za a rufe shi ko da saura ƙiris ta kai ga amsa.

A nan akwai abin da ya kamata matasanmu su lura da shi. Da yawa daga guraben da kamfanonin Najeriya ke kira bincike, aikin duba ingancin kaya ne: gwaji ɗaya ake maimaitawa kullum. Aiki ne mai daraja, amma wanda ya shige shi da burin gano sabon abu zai ƙosa da wuri. Gane bambancin ba wuya. A wajen ganawar ɗaukar aiki, tambayi wane sabon kaya ko sabuwar dabara sashen ya fitar a shekara biyun da suka wuce, kuma ko yana da kasafin kansa. In aka fara kame-kame, ka san inda ka dosa.

Jami'a ma tana da nata labulen. Mai digirin digirgir yakan fara ne daga matakin lakcara na biyu, ya hau na ɗaya, sai babban lakcara, sai mai jiran gadon farfesa, sannan farfesa, kuma a al'ada akan yi aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki, tare da adadin maƙalun da ake buƙata. 'Yancin zaɓen tambaya gaskiya ne, amma wanda ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga gyaran takardun jarrabawa ga zaman kwamiti, da dare kawai yake ganin bincikensa. Tallafin karatu na TETFund kuwa na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, kuma yana zuwa da sharaɗin komawa a yi wa makarantar aiki. Saboda haka kafin ka yi rajista, bincika malamin da zai duba ka fiye da yadda za ka binciki sunan jami'ar. Ɗalibai nawa ya yaye, shekara nawa kowannensu ya yi, kuma wa ke biyan kuɗin gwaje-gwaje? Tsofaffin ɗalibansa za su faɗa maka abin da shi ba zai faɗa ba.

Kada kuma a ɗauka digirin digirgir da aikin jami'a abu ɗaya ne, ko kuwa babban bincike sai a jami'a. Koichi Tanaka, injiniya a kamfanin Shimadzu na Japan, ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2002 da digirin farko kawai. Katalin Karikó kuwa tana da digirin digirgir, an rage mata matsayi a Jami'ar Pennsylvania a 1995 saboda rashin samun kuɗin bincike, ta koma kamfanin BioNTech a 2013, ta karɓi Nobel a 2023. A gida ma akwai hanya ta tsakiya, wato cibiyoyin bincike irin IAR da ke Samaru da IITA mai hedikwata a Ibadan. IITA da abokan aikinta ne suka samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don irin fumfunar da ba ta da guba ta mamaye mai guba. Tambayar da matashiyarmu za ta yi wa kundi ce ta zama kayan sayarwa a buhu.

Ƙofofin biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Mai digirin digirgir yana iya komawa kamfani, ko da yake wasu za su ce ya fi ƙarfin gurbin da suke da shi. Wanda ya daɗe a kamfani ba digirin, ba maƙalu, in ya dawo jami'a daga ƙasa zai fara, ga iyali sun ƙaru. To in kana da tambayar da ke hana ka barci, ka sami malami mai yaye ɗalibai da kuma mai biyan kuɗin aikin, shiga digirin digirgir yanzu. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, musamman in abin da ke tura ka shi ne rashin aikin yi ko son a kira ka Dakta, nemi kamfani ko cibiyar bincike ka yi shekara biyu tukuna, sannan ka sake duba lamarin.