Butiret: Abincin Da Ƙwayoyin Cuta Ke Dafa Wa Hanjinka



Idan ka ci wake, ba dukkansa ne ƙaramin hanji ke iya narkarwa ba. Harza da wani ɓangare na sitacin suna wucewa babban hanji, inda bakteriya kimanin tiriliyan 38 ke zaune. Babu iskar oksijin a wurin, don haka sai su tsima wannan ragowar, kamar yadda madara ke tsami ta zama nono.

Daga tsimin nan ake samun ƙananan asid na kitse guda uku: asetet, furofiyonet da butiret. A duk kashi 100, asetet kusan 60 ne, sauran biyun kusan 20 kowanne.

To, butiret ne ya fi jan hankali. Ƙwayoyin halittar bangon babban hanji daga gare shi suke samun yawancin kuzarinsu, kuma wajen ƙona shi suna shanye oksijin ɗin wurin. Idan ya yi ƙaranci, misali bayan shan maganin kashe bakteriya, oksijin kan ƙaru, masu cutarwa irin su Salmonella su samu sarari.

Tsimin yana kuma fitar da iska. Shi ya sa wanda bai saba ba, ya cika ciki da wake rana ɗaya, sai kumburi da tusa. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, hanjin zai saba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.