Bambancin Ciwon Ɗaurin Kai da Ciwon Ɓarin Kai: Yanayin Raɗaɗi, Gurbi da Alamomin da ke Tare da Su

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan nau'o'i biyu na ciwon kai da aka fi fama da su, wato ciwon ɗaurin kai da ciwon ɓarin kai. Ta bambance su ta fuskoki uku: yanayin raɗaɗi, gurbinsa, da alamomin da ke rakiyarsa. An ɗora bayanin a kan ƙa'idojin likitanci, aka gwada su da kalmomin da Bahaushe yake siffanta ciwonsa da su, tare da misali daga rayuwar Masama ta ƙasar Gwandu a Jihar Kabi.

1.0 Gabatarwa

Zazzaɓin cizon sauro ana gane shi da gwajin jini, hauhawar jini kuma da na'urar awo. Nau'o'in ciwon kai biyu da ake magana a kansu ba su da irin wannan gwaji, hoton ƙwaƙwalwa ma ba ya nuna su. Hujjar likita ita ce abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa, tare da duba jikinsa don kawar da zaton wata cuta. Saboda haka, idan mai awo ya yi wa kalma guda mummunar fahimta, sai ya ɗora magani a kan kuskure. A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe.

Ƙa'idojin da ake aiki da su a yau suna cikin kundin rabe-raben ciwon kai na Ƙungiyar Nazarin Ciwon Kai ta Duniya, wanda aka fara bugawa a 1988, bugu na uku kuma ya fito a 2018. Abin da likitoci ke kira maigiren shi Bahaushe ya sani da ciwon ɓarin kai. Ɗaya nau'in ba shi da tsayayyen suna a bakin jama'a, “ciwon kai” kawai ake ce masa. A wannan muƙala an kira shi ciwon ɗaurin kai, bisa yadda masu fama da shi ke siffanta shi.

2.0 Yanayin Raɗaɗi

Ciwon ɗaurin kai matsi ne mai ɗorewa, ba ya hawa da sauka. Mai shi yakan ce kamar an naɗa masa rawani an tsananta, ko an aza masa kaya babu gammo. Zafinsa kaɗan ne ko matsakaici, kuma motsi bai ƙara shi. Manomi zai iya ci gaba da ban ruwan albasa a fadama yana jin ciwon. Yakan ɗauki daga minti 30 zuwa kwana 7.

Ciwon ɓarin kai kuwa bugawa yake yi, yana tafiya tamkar bugun jijiya. Zafinsa matsakaici ne ko mai tsanani, kuma ƙaramin aiki kamar tafiya, sunkuyawa ko jan guga yana ƙara shi. Idan ba a sha magani ba, ko maganin bai yi aiki ba, yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 ga baligi. Tushen bambancin yana cikin jiki. A ɓarin kai, jijiyar ji da ke ratsa fuska da mayafin ƙwaƙwalwa ce take tsokanuwa, har ƙaramin motsi ya zama azaba. A ɗaurin kai, galibi ana samun tsamin tsokokin da ke kewaye da ƙoƙon kai da wuya, wanda ake ji idan an danna su da yatsa.

Matsalar harshe a nan ita ce kalmar “sara”. A zahiri tana nuna bugu bayan bugu, kamar na gatari, wanda ya dace da ɓarin kai. Amma a maganar yau da kullum, “kaina yana sara” ya zama kusan daidai da “kaina yana ciwo”. Wanda ya ji kalmar ya rubuta cewa ciwon mai bugawa ne ya yi gaggawa. Sai ya ƙara tambaya: shin ciwon yana zuwa dum-dum, ko kuwa ya danne wuri guda bai saki ba?

3.0 Gurbin Ciwo

Ɗaurin kai yakan kama ɓangarori biyu lokaci guda. Yana zagaya goshi da gefunan kai zuwa ƙeya, wani lokaci ya gangara wuya da kafaɗu. Ɓarin kai ya fi zama a gefe guda, musamman a gefen goshi ko bayan ido, kuma yana iya sauya gefe daga wannan tashi zuwa wancan.

Wannan siffa ce ta ba shi suna a harsuna da dama. Galen, likitan da ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya kira shi da kalmar Girkanci mai ma'anar rabin ƙoƙon kai, wadda daga gare ta sunan Turanci ya samo asali. Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, daga tushen da ke nufin tsagawa biyu, kuma sunan ya zo a hadisin ƙaho cikin Sahihul Bukhari. Hausa ma ta bi wannan hanya da kalmar “ɓari”.

Sai dai sunan yana iya ɓatarwa. Kusan kashi 40 cikin ɗari na masu wannan ciwo suna jin sa a ɓangarori biyu, kuma hakan ya fi yawa ga yara. Shi ya sa ƙa'ida ba ta mayar da gurbi sharaɗi na dole ba. Siffofi huɗu ta lissafa: gefe guda, bugawa, tsanani, da ƙaruwa da motsi. Biyu daga cikinsu, kowaɗanne ne, sun wadatar.

4.0 Alamomin da ke Tare da Ciwo

Wannan fuska ce ta fi rarrabewa. Ba a tabbatar da ɓarin kai sai an sami ɗaya daga abubuwa biyu: tashin zuciya ko amai, ko kuwa ƙin haske da ƙin ƙara a haɗe. Ɗaurin kai na lokaci-lokaci ba ya zuwa da tashin zuciya ko amai, kuma idan an sami ƙin haske ko ƙin ƙara, ɗaya ne kawai, ba duka biyun ba.

Wasu masu ɓarin kai, kimanin ɗaya cikin uku, suna samun gargaɗi kafin ciwon ko a farkonsa. Sukan ga walƙiya ko zane mai karkace-karkace yana faɗaɗa a gabansu, ko wani sashe na gani ya ɓace, ko hannu da leɓe su yi mayen-mayen. Kowace alama takan ɗauki minti 5 zuwa 60, sannan ta gushe gaba ɗaya. Ɗaurin kai ba shi da wannan. Ganin walƙiyar da wani bai gani ba yana iya sa iyali su yi zaton iska, su nufi wata hanya dabam, alhali alama ce sananniya ta aikin ƙwaƙwalwa.

“Ƙin haske” fassara ce ta littafi, majinyaci ba ya faɗin ta da kansa. Tambayar da ta fi fito da amsa ita ce ta aiki: idan ciwon ya tashi, me ake yi? Wanda ya ce yana shiga ɗaki ya saki labule ya kori yara ya ba da shaidar alamomi biyu a jimla ɗaya.

5.0 Misali daga Masama

A ƙaddara mutum biyu sun zo ɗakin shan magani rana ɗaya, kowanne ya buɗe da Hausar yamma: “Kaina ka sara.”

Ta farko mace ce mai shekara 28. Jami'in lafiya ya ce, “Malama, wane ɓari?” Ta ce kai duka. Da ya tsaya nan, da ya rubuta ɗaurin kai. Da ya ci gaba, sai ta bayyana cewa ciwon yana bugawa, daka da ɗiban ruwa suna gagararta, ƙamshin miya yana tayar mata da zuciya, kuma takan kwanta a ɗaki mai duhu daga hantsi har wayewar gari. Ya zo mata fiye da sau goma a shekara, yawanci dab da al'adarta. Lissafi ya nuna siffofi uku cikin huɗu: bugawa, tsanani da ƙaruwa da motsi. Ga tashin zuciya, ga tsawon kusan awa 20, ga tashi fiye da biyar da ƙa'ida ta nema. Wannan ɓarin kai ne, ko da yake bai tsaya a ɓari ba. Jinsinta ma ya dace, domin ciwon ya fi kama mata da ninki biyu zuwa uku.

Na biyu tela ne mai shekara 35, a lokacin ɗinkin Salla. Da aka ce, “Malam, yaya saran yake?” sai ya zagaya kansa da hannu biyu, ya ce kamar matsattsiyar hula. Yakan fara da la'asar bayan wuni a sunkuye kan keke, ƙeyarsa ta yi tsami, amma yana gama aikinsa, yana cin tuwonsa. Ƙarar janareta tana damunsa, haske bai dame shi ba. Dukkan siffofi huɗu na ɗaurin kai sun cika, babu tashin zuciya, ƙin ƙara kuma shi kaɗai ne. Idan irin wannan ya maimaitu aƙalla sau goma, hukunci ya tabbata.

Amfanin rarrabewar yana fitowa wajen magani. Tela yana buƙatar hutu, gyaran zama, isasshen barci da farasitamol jefi-jefi. Matar tana buƙatar shan magani tun farkon tashin ciwon, wataƙila da na tashin zuciya, kuma idan ya yawaita likita zai duba ba ta na rigakafi. Haɗarin da suka yi tarayya a kansa shi ne yawan shan magani. Wanda yake shan farasitamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko ƙwayoyin da aka haɗa da kafeyin ko kodin kwana 10 ko fiye, har sama da wata uku, maganin kansa yana iya mayar da ciwon na kusan kullum.

6.0 Iyakar Wannan Rarrabewa

Mutum ɗaya yana iya samun nau'o'in biyu, don haka rubuta ranakun ciwo da siffofinsa na wata guda yana taimakon likita. Sannan duk bayanin da ya gabata ya shafi ciwon da ba wata cuta ce ta haifar da shi ba. Jihar Kabi tana cikin yankin sanƙarau, kuma a farkon 2025 cutar ta ɓarke a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero. Sanƙarau ma yana zuwa da amai da ƙin haske, amma yana haɗawa da zazzaɓi da sandarewar wuya. Ciwon kai mai zazzaɓi, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da matuƙar tsanani, ko mai tare da ruɗewa, farfaɗiya ko shanyewar sashen jiki, ko na mai juna biyu da ke kumburi, ko sabon ciwo ga wanda ya haura shekara 50, duk na asibiti ne cikin gaggawa.

7.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa ɗaurin kai matsi ne a ɓangarori biyu wanda ba ya hana aiki, ɓarin kai kuwa bugu ne mai kwantar da mutum, tare da tashin zuciya ko gudun haske da ƙara. Ta kuma nuna cewa “sara” ta faɗaɗa har ta rufe nau'o'in biyu, “ɓari” kuwa ta ƙuntata har ta bar wasu masu ciwon a waje. Aikin da ya rage ga masana Hausa shi ne tattara kalmomin siffanta raɗaɗi a karin harshen Kabi da Sakkwato, domin tambayoyin da ake yi wa majinyata su dace da yadda suke magana.